Sun ce reshe na sayar da miliyan 18 a wata, ni lissafina bai kai nan ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Wani kamfanin gidajen abinci ya yi mini tayin in buɗe reshe da sunansa a Kano, da jarin naira miliyan 60. Takardarsu ta ce matsakaicin cinikin reshe miliyan 18 ne a wata, riba kashi 20 cikin ɗari, su kuma za su karɓi kashi 8 na ciniki, kuɗin suna da na talla. Ni ina hasashen mutum 90 a rana, kowa ya kashe naira 4,500. Lissafin wa zan bi?

Akanta: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ka mayar da adadinsu zuwa kawunan mutane, domin shi ne abin da za ka iya ƙirgawa da idonka. Miliyan 18 a wata na nufin 600,000 a rana, wato mutum 133, alhali naka 90 ɗin miliyan 12.15 ne zai kawo. A ce kayan abinci sun ci kashi 45, kamfani ya ɗauki nasa 8, saura kashi 47; idan haya da albashi da man janareta sun kai miliyan 5 a wata, a cinikinsu ribar ta kusa miliyan 3.5, wanda ya yi kusa da iƙirarinsu, amma a naka 710,000 ce kawai. Ciniki ya ragu da sulusi, riba ta ragu da kusan kashi 80, mayar da jari kuma ya tashi daga shekara ɗaya da rabi zuwa bakwai. Ƙasa da mutum 79 a rana, faɗuwa kake yi, su kuwa kasonsu daga ciniki ake cirewa, ko ka ci riba ko ba ka ci ba.

Ɗan kasuwar Kwari: Ai doka ta tilasta musu ba ka cikakkun takardu kwana 14 kafin ka sa hannu.

Akanta: Wannan dokar Amurka ce, Malam. A nan sai ka nema da bakinka. Ka tambaye su rassa nawa aka haɗa aka fitar da matsakaicin, ko akwai na Legas da Abuja a ciki, da kuma ko an cire waɗanda suka rufe. Rassan da kamfani ke gudanarwa da kansa ba lallai ne suna biyan kashi 8 ɗin ba.

Hajiya mai gidan burodi: Ni ba ciniki ne ya ba ni matsala ba. Yarjejeniyata ta wajabta sayen fulawa da leda a wurin kamfanin da nake aiki da sunansa, kuma sun ƙara farashi sau biyu ba shawara. Ka duba wannan sharaɗin, sannan ka lissafa watan azumi daban, don cinikin rana mutuwa yake yi.

Ɗan kasuwar Kwari: To amma sunan kamfanin da kansa zai iya jawo fiye da mutum 90.

Akanta: Zai iya. Shi ya sa nake son Alhaji ya zauna gaban reshensu mafi kama da unguwarsa, ranar Talata da ranar Asabar, ya ƙirga masu fitowa da leda a hannu.