Me za mu kira maganin "jenerik" da Hausa?

Malama Binta, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Ina shirya wa matan Islamiyyarmu bayani kan sayen magani, kalma ɗaya ta tsayar da ni. Mai kemis yana cewa "akwai orijinal, akwai mai sauƙi", mace ta ɗauka mai sauƙin jabu ne, ta je ta ranto kuɗi ta sayi mai tsadar. Wannan da likitoci ke kira jenerik, ya za mu ce mashi da Hausa? Na yi tunanin "na gama-gari".

Lawal Daura: Malama, gama-gari yana da ƙanshin raini. Ki ce "makwafi" kawai, tunda yana maye gurbin na ainihi. Ai duk abu ɗaya ne, kwali ne ya bambanta.

Alhaji Kabir, mai harhaɗa magunguna: Lawal, makwafi ya yi faɗi. Ibufurofen yana iya zama makwafin farasitamol wajen ciwon kai, amma ba abu ɗaya ba ne, mai gyambon ciki ma yana iya cutuwa da shi. Yawanci magani yana da suna biyu. Akwai sunan yanka, wato sunan sinadarin da ke yin aikin, galibi da ƙananan baƙaƙe a jikin kwali. Akwai kuma laƙabin da kamfani ya raɗa mashi, wanda ake bugawa da manya. Shi ya sa nake ganin "takwara" ta fi: maganin wani kamfani mai sunan yanka ɗaya.

Ga misalin da nake gani kullum. Likita ya rubuta Augmentin 625, sau biyu a rana, kwana bakwai. Tun 2023 da kamfanin GSK ya sanar zai daina sayar da magungunansa kai tsaye a Najeriya, farashinsa ya yi sama. To, 625 ɗin nan haɗin abu biyu ne: amoksisilin miligiram 500 da kilabulanik asid miligiram 125. Ƙwayoyin cuta da dama suna fitar da wani abu mai lalata amoksisilin, shi na biyun aikinsa ya tare wannan. Duk kwalin da aka miƙo maki, Malama, ki nemi sunayen nan biyu da lambobin nan biyu, 500 da 125. In sun cika, takwara ne. In amoksisilin 500 ne shi kaɗai, komai arharsa ba shi likita ya rubuta ba. Mai 375 kuma 250 da 125 ne, ƙarfinsa bai kai ba.

Sannan a ƙirga ƙwaya kafin a yi murnar farashi. Kwana bakwai sau biyu ƙwaya 14 ke nan. A ce wani kwali 6,000 mai ƙwaya 14, wani 4,500 mai ƙwaya 10. Na farko ƙwaya tana kamawa kusan 430, na biyu 450, ga shi bai kai ki ƙarshen kwanakin ba.

Maman Sadiq: Alhaji, ni an cuce ni ke nan? Maganin maleriya da na saba sha ƙwaya 24 ne, jiya a wani kemis aka ba ni mai ƙwaya 6 kacal, kuɗin kuma kusan ɗaya.

Alhaji Kabir: Duba kwalin, Hajiya. In atemita da lumefantirin ne, mai 24 ɗin 20/120 ne, ana shan huɗu a lokaci guda. Mai 6 ɗin 80/480 ne, ƙwaya ɗaya ta tsaya wa huɗu. Duka sha shida ne cikin kwana uku. Kada dai ki sha huɗu daga sabon don sabo.

Malam Sada, malamin Hausa: Ranka ya daɗe, "sunan yanka" ta zauna daram, na karɓa. Takwara ce ban gamsu da ita ba. Takwaranka suna kawai kuka haɗa, ba hali ba. Mai saye zai iya jin suna ya yi daidai ya manta da ƙarfi. Me zai hana "tagwai"?

Alhaji Kabir: Tagwai sai ta sa a zaci kamfani ɗaya ya yi su, ko a riƙa neman kala da siffa iri ɗaya, alhali waɗannan suna bambanta. Amma gyaranka yana kan hanya. Ko suna da ƙarfi sun dace, akwai mai narkewa a hankali, wanda za ka ga SR ko XR a ƙarshen sunansa, kamar a metfomin na masu ciwon suga. Ba a musanya shi da na kullum. Masu shan maganin farfaɗiya ko na tsinka jini kuwa, kada su sauya kamfani sai da sanin likita. Kuma takwara ko ba takwara ba, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, domin mai tsadar ma ana yin jabunsa.

Malama Binta: Na gode ƙwarai. Ranar Asabar zan ce masu "takwara mai ƙarfi ɗaya", in tafi da kwalaye biyu su karanta lambobin da kansu. Malam Sada, in ka samo wadda ta fi gajarta kafin nan, turo mani.