Sunan kulob ɗinmu ya fi ƙarfin riga

Sani na Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu matasan Yelwa a nan Garwa mun haɗa kulob, yara ashirin da biyu, za mu shiga gasar hutu ta unguwanni. Sakatarenmu ya rubuto Association Sportive des Jeunes Espoirs de Yelwa. Mai flokaj, wato mai buga rubutu a riga, ya ce sunan ba zai shiga ƙirji ba, 'yan kallo kuma ba wanda ya iya faɗarsa. Wasu sun ce Guguwa, wasu Giwa, wasu Damisa. Ku taimaka mana da shawara.

Baban Hadiza:
Wa alaikumussalam. Ai da sauƙi, ku tsinci harafin farko na kowace kalma, ASJEY, biyar ke nan, ta shiga riga.

Malam Buba mai flokaj:
Baban Hadiza, riga kam za ta ɗauka, amma tashi ka ƙwala ASJEY sau uku ka ji yadda take kakarewa a maƙogwaro. Sani ƙanena, dogon sunan ku bar shi a takarda da hatimi. Na riga daban ne.

Faɗin da nake iya bugawa a ƙirjin rigar babba bai wuce santimita 28 zuwa 30 ba, kusan tsawon takardar A4. Harafin da za a karanta daga bakin fili yana son tsayin santimita biyar ko shida, kuma kowane ɗaya da ratarsa zai ci kusan huɗu a kwance. Bakwai ke nan, takwas in an matsa. In ka tilasta mini haruffa goma sha tara na Association Sportive a layi ɗaya, dole in sirantar da su kamar tsinke, kuma siririn harafi shi ke fara ɓamɓarewa, wanki uku huɗu sai ka ga gefensa ya ɗago. Rigar yara ma ta fi wannan ƙunci.

Sai wani abu da mutanenmu ba sa lura da shi. Mai sanarwa a fili da mai rubuta jadawali da Faransanci suka yi boko. Ka rubuta GIWA, zai karanta Jiwa, sai ka sa GUIWA. GUGUWA sai ta koma GOUGOUWA, haruffa takwas masu ƙiba. DAMISA zai ce Damiza, sai an ninka, DAMISSA, bakwai cif, kuma I siririya ce, tana rage wuri. Ku guji ƙ da ɗ da ɓ, yawancin samfurin haruffan da ke injinmu ba su da su. An taɓa kawo mini Tada Ƙura, lanƙwasar ta faɗi, suka shiga fili da Tada Kura a ƙirji.

Hajiya Mairo:
Ni dai kar ku sa kore da fari, kowa zai ce Coton Sport kuka kwaikwaya. Ɗana ma shuɗi suka ɗinka bara, ya yi kyau.

Sani na Yelwa:
Hajiya mun gode, launi mun riga mun saya, ja ne. Suna muke nema.

Ɗanjuma makaɗi:
Ni ganga nake bi, ba santimita ba. Ranar da Coton ke wasa a filin Roumdé Adjia ka taɓa jin wani ya faɗi cikakken sunan? Ko-ton, bugu biyu, shi ke nan. Suna mai gaɓa biyu ko uku ake so, ya ƙare da baki a buɗe don a ja shi. Yel-waa tana tafiya da tafi. Da-mi-saa ma haka, bugu uku, sai a amsa da tafi uku. Guguwa tana tattaruwa a baki in an yi sauri. Ku tara yara goma da yamma, ku sa su rera kowane suna sau ashirin suna tsalle. Wanda suka fara gutsurewa da kansu, ya faɗi. Ku kuma tambayi kanku me abokan hamayya za su mayar da shi in an ci ku uku.

Abakar daga Kuseri:
Guguwa akwai ta a ƙetaren ruwa, Tourbillon ta Njamena ma'anarta ke nan. Amma Sani, 'yan wasanku duk Hausawa ne? Namu rabi Fulatanci da Larabci suke yi, da muka sa sunan Hausa wasu iyaye suka janye gudummawa. Sunan unguwa ba ya ware kowa. Ni YELWA kawai zan buga, biyar, da manyan haruffa.

Malam Buba mai flokaj:
Gaskiyarka Abakar, sai dai in wani kulob na unguwar ya riga su rajista da shi, masu gasar ba za su karɓi Yelwa biyu ba. Ana iya yin layi biyu: DAMISSA babba a sama, YELWA ƙarama a ƙasa. Ƙarin yanka ne, kuɗin zai ɗan hau. Kafin a taɓa riga ashirin da biyu, a fitar da shi a takarda, a manna a ƙirjin yaro, ya tsaya a tsakiyar fili ku karanta.

Sani na Yelwa:
Allah ya saka da alheri. Gobe bayan la'asar za mu gwada da ganga. Sakatare dai har yanzu ya kafe sai Espoirs ta fito ko a hannun riga ne.