Hoton da inji ya zana, na wa ne?

Salisu: 'Yan uwa, ku raba mana gardama. Na haɗa hoton mahaya dawaki da injin zanen hoto na Midjourney, na sayar wa wani Alhaji jaka 25 ya sa a kalanda. Yanzu wani mai ɗab'i a babbar kasuwa yana buga shi a jikin riguna. Ni na ce kuɗin wata nake biya, don haka hoton nawa ne, shi kuwa ɓarawo.

Rabi'u: Kai Salisu, wane ɓarawo? Duniya ta gama yanke hukunci: abin da inji ya yi ba na kowa ba ne. Ka haƙura kawai.

Malam Isufu: Rabi'u, ka yi gaggawa da ka ce duniya. Amurka ce ta tsaya a kan haka. A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na can ya duba wani littafin zane da aka yi hotunansa da Midjourney, ya kare rubutun da yadda aka jera shafuka, amma ya ƙi kare hotunan su kansu, don a ganinsu mai rubuta umarni ba shi ya tsara abin da ya fito ba. A 2023 ɗin dai wata kotu a Bejin ta ba wani mutum gaskiya a kan hoton da ya haɗa da wani injin mai suna Stable Diffusion, saboda ya nuna yadda ya yi ta sauya umarni da saiti har hoton ya zama yadda yake so. Diyyar yuwan 500 ce kacal, amma an ce nasa ne.

Salisu: To Malam, kuɗin da nake biya fa? A sharuɗɗansu an rubuta cewa hoton nawa ne.

Malam Isufu: Wannan yarjejeniya ce tsakaninka da kamfanin, ƙanena. Ma'anarta ba za su hana ka sayarwa ba. Mai rigunan bai sa hannu a kanta ba, kuma kamfani ba ya iya ba ka haƙƙin da doka ba ta ba ka. Gaya mini, bayan hoton ya fito, me ka yi masa da hannunka?

Salisu: Dokin gaba ƙafa biyar ya fito da ita, na goge ɗaya. Rawunan kamar na Indiya, na sake zana su irin na dogaran nan. Sannan na sa rubutun ajami da ƙawata gefe.

Malam Isufu: Yauwa, a nan ƙarfinka yake. In ya kwashi rawunan da ajamin da adon gefen, aikin hannunka ya ɗauka, kana da ta cewa. In ya yanke su ya bar dawaki da ƙura kawai, hujjarka ta yi rauni. Ka adana hoton farko yadda ya fito, da fayil ɗin gyaran mataki-mataki, ka kai wa BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na Nijar, su duba. Kuma me ka rubuta wa Alhaji? In ka yi masa alkawarin shi kaɗai zai mallaka, shi ma zai iya juyowa kanka.

Salisu: Ba takarda, baki da baki muka yi.

Hajiya Mariyama: Ni dariya kuke ba ni. Salisu, ɗana, kana kukan an ɗauki naka, injin a ina ya koyi zanen doki? Shekara nawa muna shan rana a hawan salla da kyamara, muna ɗora hotuna, aka kwashe ba sallama.

Rabi'u: Hajiya, koyo ai ba sata ba ne. Ɗan koyo ma kallon aikin maigidansa yake yi.

Hajiya Mariyama: Ɗan koyo yana kwafar hoto miliyan 12? Adadin da Getty Images mai sayar da hotuna ta ce Stability AI, kamfanin da ya ƙera Stable Diffusion, ya kwasa ke nan, a ƙarar da ta shigar a Amurka a 2023. Har tambarin Getty yana fitowa a murguɗe a jikin wasu hotunan injin.

Malam Isufu: Haka ne Hajiya, sai dai a Landan, a Nuwamban 2025, Getty ba ta sha da daɗi ba. Alƙaliyar ta ce injin ba ya ajiye kwafin hotunan a cikinsa. Batun koyarwar kuwa Getty da kanta ta janye shi, don ba ta da shaidar cewa a Birtaniya aka yi. Ɗan abin da ta samu a kan tambarin ne. Ko kwashe hotuna don koyarwa halas ne a doka, wannan kotun ba ta amsa ba.

Lawali: Ni tambayata, wani ya sa fuskar babana a hoton talla da irin wannan inji, shi ma ba na kowa ba ne?

Malam Isufu: A'a Lawali, wannan haƙƙin mutum ne a kan fuskarsa, magana ce daban, kuma kuna da bakin hanawa.

Rabi'u: To in tambarin wani ko ɗan katun na Disney ya fito a rigar da na buga, laifin injin ne ai.

Hajiya Mariyama: Injin ne ke da shago a Maraɗi? Kai za a kama.

Salisu: Na je na duba rigar. Rawunan suna nan, ajamin ya yanke.

Rabi'u: Rawani biyu a kan doki shida, wa zai tsaya shari'a a kansu?

Malam Isufu: Turo mana hotunan biyu gefe da gefe tukuna, Salisu.