Fatan ɗin kwamfuta ko na takarda: wanne ya fi wa ƙaramin shago?

Maman Haidar: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata makaranta ta ba ni ɗinkin rigunan yunifom 200, girma biyar. Ni da takarda nake zana fatan, wato zanen da ake bi a yanka yadi, in mayar kan kwali. Ƙanena ya dage in koma kwamfuta. Shin ya cancanci wahalar, ko in ci gaba da abin da na sani?

Alhaji Sabo Tela: Wa alaikumus salam. Mu dai alli da almakashi muka gada. Kaftani ko babbar riga, a kan yadin nake zanawa in yanka. Wutar ma ina take da za a kunna kwamfutar?

Hajiya Binta: Alhaji, maganarka gaskiya ce a ɗinkin mutum ɗaya. Amma ita riga 200 za ta yanka, dole ta 1 da ta 40 su fito iri ɗaya. Maman Haidar, inda manhaja ta fi takarda shi ne wajen fitar da girma daban-daban. A ce tsakanin kowane girma akwai inci 2 a ƙirji. Za ki raba shi huɗu, rabin inci a kowane gefe na gaba da baya. Wannan mai sauƙi ne. Wahalar tana hammata: da kin faɗaɗa jiki, zagayen hammata ya ƙaru, dole kan hannun ya ƙaru daidai da shi, in ba haka ba hannu ya yi tattara ko ya ƙi kaiwa. A takarda sau biyar za ki auna wannan lanƙwasar da tef. A manhajar Seamly2D kuwa, zanen yana ɗaure da ma'auni, kina canza awon ƙirji da kafaɗa sauran layukan suna bi. Kyauta ce, haka ma Valentina, kuma ba sa buƙatar data bayan an sauke.

Sadiq Kwari: Ai manhajar CLO3D ce ƙarshe. Har rigar za ki gani a jikin mutum-mutumi kafin ki taɓa yadi, ba sai kin ɗinka samfur ba.

Hajiya Binta: Tana da kyau, Sadiq, amma da dala ake biya duk wata, kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Samfur kuma babu makawa. Allo ba zai gaya maka yadda yadin zai tsuke bayan wanki ba.

Ummi Zinder: Ni ma ina da kwamfutar a shago, tana yi mini aikin wuya da hula da kyau sosai. Sai dai zare take yawan tsinkewa.

Sadiq Kwari: Anti Ummi, wancan keken surfani ne. Nan maganar zanen yanka ake yi.

Ummi Zinder: Au, to ku ci gaba, ina sauraro.

Maman Haidar: Hajiya, idan na zana a kwamfutar, ya zan fito da shi? Firintar kusa da mu A4 kawai take bugawa.

Hajiya Binta: Nan ne mutane suke faɗawa rami. Manhajar za ta yanka fatan ɗin zuwa shafukan A4, ki manna su da salatif. Rigar babba za ta iya cin shafi 20 ko fiye, kuma kowace mannawa in ta karkace kaɗan, kuskuren taruwa yake. Sannan ki tsaya a kan mai bugawa ya zaɓi Actual size, ba Fit to page ba. In ya rage ko da kashi 4 cikin 100 ne, ƙirjin inci 40 ya rasa fiye da inci ɗaya da rabi, ba za ki lura ba sai yaro ya kasa ɓalla maɓalli. Ki zana murabba'i mai inci 4 a shafin farko, ki auna shi da rula kafin a buga sauran. In akwai masu buga zanen gine-gine a garinku, ki kai musu su buga a babbar takarda ta A0, ki huta da manne-manne.

Alhaji Sabo Tela: To, ashe dai daga ƙarshe kan takardar ake komawa.

Hajiya Binta: Ƙwarai kuwa Alhaji, har kan kwali, don A4 ba ta jure alli. Bambancin, in gefen kwalin ya cinye ko ruwa ya taɓa shi, sai a sake bugawa. Kuma wanda bai iya zana hammata da hannu ba, manhajar ba za ta koya masa ba.

Maman Haidar: An ba ni mako uku ne fa.

Hajiya Binta: To wannan karon ki yi da takardarki. Koyon manhajar kaɗai zai cinye makonnin. Bayan kin miƙa aiki, ki shigar da wannan rigar a hankali, tunda makaranta duk shekara za ta dawo.

Sadiq Kwari: Ni dai da na biya wani ya zana mini girma biyar ɗin yau, in karɓa a PDF.

Maman Haidar: In suka ce a ƙara tsawon hannu fa, sai in sake biya? Akwai wanda ya taɓa ba da irin wannan aikin a Kano ya faɗa mana nawa aka caje shi?