Hassada ce ko hoto talatin?

Maman Ilham: Jiya na sauke atamfa daga Kantin Kwari, na tura burodkas a WhatsApp ga mutum ɗari biyu, hoto talatin. Uku kacal suka amsa, wasu ma sun yi min bulokin, har da ƙanwar maigidana. Wallahi hassada ce ke cin mutane.

Anti Rabi: Hassada fa kika ce? Ina cikin waɗanda kika tura wa. Ƙarfe sha ɗaya na dare wayata ta dinga ƙara, datata ta ƙare, kuma ko hoto ɗaya babu kuɗi a jiki.

Maman Ilham: Anti, ai ban kira suna ba.

Ummi: Akwai hassada mana! Ni da na fara turaren wuta, maƙwabciyata ta daina gaishe ni.

Hajiya Babba: 'Yata, duba abu ɗaya tukuna. Burodkas ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki a wayarsa. Wadda ba ta ajiye ba, saƙon zai tsaya da alama ɗaya, kamar dai wadda ta toshe ki. In har kina ganin hoton fuskarta, da wuya a ce toshewa ce. Ni duk wadda ta sayi kaya nakan ce ta ajiye lambata, in tambaye ta ko in riƙa sanar da ita. Masu leshi jerinsu daban, masu atamfa daban. Na jiya da hantsi ga shi: "Salamu alaikum Hajiya, atamfar da ta ƙare ta dawo, kala huɗu, turmi goma ne kawai. Kuɗi na jikin hoto. In ba kya son irin wannan saƙo, faɗa min in cire ki." Hoto huɗu na haɗa, kuma ba na wuce sau ɗaya a mako.

Zainabu: Ku buɗe guruf kawai. Burodkas mutum 256 yake ɗauka, kuma kowa na ganin amsar kowa.

Hajiya Babba: Adadin daidai ne, amma amsa ke kaɗai take zuwa wa. A guruf ne lambobin matan mutane ke fita fili.

Ummi: To Hajiya, kina nufin babu mahassada a duniya?

Anti Rabi: Wanda bai amsa talla ba ya zama mahassadi? Sai ni ma in ce masu riƙe min kuɗin adashi hassada suke yi.

Ummi: In da ni kike, na ce miki ƙarshen wata.

Maman Ilham: Ƙanwar maigidana dai hotonta ya ɓace min tun daren jiya.

Shugabar zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, an zalunci Maman Ilham, kuma hassada gaskiya ce, don ni ma na sha ta a gidan miji. Batun ajiye lamba, mai so ta bi Hajiya ta gefe. Maganar adashi kuma ba a nan ba.