Jika 600 na "da sauransu"

Mushe Sani: Jama'a ku tayani ji. Mun nemi tallafin sefa miliyan 3 don buɗe ɗakin karatu a lakkwal ɗinmu, sun maido mana da takardar wai kasafin ba shi da hujja. Littattafai miliyan 1 da jika 800, kantoci jika 300, tebura da bencina jika 300, da sauransu jika 600. Ina laifin wannan? Raini ne kawai, don mu ƴan Damagaram ne ba ƴan Yamai ba.

Malam Isufu: Mushe, "da sauransu" ɗin nan su wane ne? Kashi 20 cikin ɗari na kuɗin fa ke nan.

Rabe Zango: Malam Isufu fito fili ka ce ɓarawo ne mana. Mutumin da ke saya wa yara alli daga aljihunsa!

Malam Isufu: Tambaya na yi, ban zagi kowa ba.

Habu: Kowane furoje yana da kuɗin ko-ta-kwana, kashi 10, doka ce. Shi ne sauransun.

Hajiya Mariyama: Habu ba doka ba ce. Kowane mai bayarwa da ƙa'idarsa, wani 5, wani 10, wani ma ba ya karɓa, sai ka duba takardar sharuɗɗansu. Kuma ko-ta-kwana na abin da ba a sani ba ne, kamar tashin farashi. Abin da ka san za ka kashe, layinsa daban. Mushe, ni tun daga littattafan na ga gyara. Kada ka rubuta dunƙulen kuɗi. Rubuta littafi 400, kowane a kan 4,500, sai ya ba da miliyan 1 da jika 800. A shafin hujja ka faɗi dalilin 400 ɗin: yara nawa ne, aji nawa za su shiga a mako, nawa na Faransanci nawa na Hausa. Sannan ka faɗi inda ka samo 4,500, ka haɗa takardar farashi daga masu sayarwa, uku in da hali, mai hatimi da lambar haraji. Mai karanta takardarka bai san ka ba, lissafin kawai zai bi.

Rabe Zango: Uku? A kasuwar Dole wa zai buga maka hatimi ba ka sayi komi ba?

Laure: Ku je Kano mana, ya fi araha kuma ya fi Yamai kusa. Ni can na yo wa yarana.

Habu: Littafin Faransanci a Kano? Ke dai kina tallar hajar mijinki.

Laure: Ka bar mijina a gefe. Na Hausa nake nufi.

Hajiya Mariyama: Na Hausa akwai su, amma farashin da naira ne, kafin kuɗi su fito canji ya motsa. In za a yi, a rubuta canjin da ranar da aka ɗauka. Mu koma kan jika 600. Dakon kwalaye daga Yamai, kusan kilomita 900, layi ne mai kansa. Ledar rufe bango, 150 sau 400, jika 60. Rajistar aro da hatimi, layi. Sai harajin kashi 19: in farashin da mai walda da kafinta suka ba ka babu haraji a ciki, jika 600 na kantoci da tebura za su ja ƙarin jika 114. In ka manta shi, daga kuɗin littattafai za ka yanko. Na lissafa duk wannan har da ko-ta-kwana kashi 5, bai wuce jika 430 ba. Mushe ina ragowar?

Mushe Sani: Goron wanda zai riƙa buɗe ɗakin ne, jika 15 a wata, wata 9. An ce ba su son ganin albashi.

Malam Isufu: Ato. Ashe ɓoyewa aka yi.

Rabe Zango: Ba ɓoyewa ba ne, sutura ce! Ku ƴan Kojes, kwamitin kula da makaranta, kun taɓa biyan ko mai gadi a kan lokaci?

Malam Isufu: Kuɗin iyayen yara ne, sai sun bayar muke biya. Ka zo taro sau ɗaya ka gani.

Hajiya Mariyama: Ranar da za a kawo rasit, me za a nuna a kan jika 135 ɗin? A rubuta shi da sunansa. In sharuɗɗansu sun hana, a sa shi a gefen gudummawar makaranta, Kojes ta sa hannu. Ko sun yarda ma, za su tambayi wa zai biya a shekara ta biyu.

Habu: Ni dai kantocin ƙarfe ne ban gane ba, katako ya fi sauƙi.

Laure: Gara ba ta taɓa shiga ɗakinka ba ke nan.

Rabe Zango: To a matsayina na mai kula da zaure, na rufe. An tabbatar Mushe Sani bai ci sisin kowa ba, kuma masu tallafi suna matsa wa na nesa. Hajiya ta ce a rarraba layuka, za a yi. Kojes kuma ta fito da jika 135, tunda su suka fi kowa baki.

Malam Isufu: Wa ya amince da wannan? Ba mu yi taro ba.