MALDI-TOF ta ce Escherichia coli, TSI ya ce Shigella: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Maman Hanifa, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Yaro aka kawo da atini, kashinsa da jini da majina. A farantin MacConkey ƙwayoyin sun fito fari-fari, ba ruwan hoda ba. TSI, gwajin cin sukari a bututu, ya ba ni ja a sama, rawaya a ƙasa, ba iska, ba baƙi, kuma ba sa motsi. Na rubuta Shigella. Mai binciken digiri ya aika samfurin inda ake da na'urar MALDI-TOF mai gano sunan ƙwayar cuta, aka dawo da Escherichia coli, maki 2.3. Likita sai kirana yake yi.

Ɗan Kongo: Anti, maki 2.0 zuwa sama ai magana ta ƙare. Lokacin da nake sanin makamar aiki, da tsinke muke ɗibar ƙwaya mu shafa, a ɗiga sinadarin matiriks ya bushe, cikin mintoci suna ya fito. Gwaje-gwajenmu kuwa sai sun kwana, awa 18 zuwa 24.

Malam na Samaru: Ɗana, batun sauri gaskiyarka ce, amma sai ƙwayar ta fara tsirowa a faranti, wannan kwanan yana nan. Hajiya, kada ki goge rahotonki. Na yi aiki da irin ta Bruker a ƙasar waje. Nauyin furotin take aunawa, galibi na raibozom, ta kwatanta zanen da waɗanda ke ma'ajiyarta. Na Shigella da na Escherichia coli kusan ɗaya ne, shi ya sa take kiran Shigella da sunan ɗan'uwanta. Makin na nuna yadda zane ya yi daidai da zane ne kawai, bai tabbatar da cewa ta bambance su ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, Escherichia coli a kashi kowa zai ɗauka ɗan gida ne, a sallami yaro. Ki yi gwajin laisin, Shigella ba ta ba da shi, sannan ki gwada da antisira, ruwan da ke tantance nau'in ƙwaya.

Baban Khalifa, Sabon Gari: To na'urar tana maye gurbin Widal, gwajin taifot? Ni shi ya dame ni.

Malam na Samaru: Widal jinin mara lafiya yake dubawa, wannan kuwa ƙwayar. Ko ta ce Salmonella, ba ta tantance Typhi, sai antisira na O9 da Vi. Maganin da zai kashe ƙwayar ma gwajinsa daban ne.

Maman Hanifa: Malam, laisin bai bayar ba. Amma akwai Escherichia coli marasa motsi da ba sa cin laktos, wasunsu ma atini suke sawa. Antisiranmu kuma ya ƙare tun watan jiya. Wa ke da na Shigella flexneri wanda bai lalace ba? Na ajiye ƙwayar a firij.